Yadda za ka lissafa kuɗin zuwa intabiyu Abuja daga Jos ba tare da ka maƙale a hanya ba

Idan saƙo ya shigo wayar mutum cewa ana nemansa intabiyu a Abuja, abu na farko da yawancinmu muke yi shi ne mu tambaya nawa ne kuɗin mota yanzu. A faɗa maka, ka ninka biyu, ka ɗan ɗora na abinci a kai, ka ce shi ke nan na haɗa. To wannan lissafin shi ne yake barin ƙannenmu a tsaye a Nyanya bayan magariba suna kiran gida a turo musu na dawowa, kuma abin yana damuna sosai don kuɗin da suka tafi da shi sau da yawa aro ne ko na mahaifiya da ta cire daga adashi. A misalin da zan kawo nan ƙasa za ka ga kuɗin mota zuwa da dawowa bai ma kai rabin abin da tafiyar take ci ba.

Abin da za ka fara ƙirgawa kwanaki ne. Kwana nawa za ka yi, ina za ka kwana, daga wurin kwanan zuwa ofishin mota nawa za ka hau. Duk sauran kuɗin daga nan yake fitowa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Kana zaune a Jos, ka ce Unguwar Rogo ko Rikkos, an kira ka intabiyu ranar Talata ƙarfe 9 na safe a Wuse 2, sannan akwai wani wurin da suka sa maka Laraba ƙarfe 10 a Garki, wajen Area 11. Farashin da zan riƙa sawa na misali ne don a ga yadda lissafin yake tafiya, kai kuma sai ka cire nawa ka sa na ranar da za ka tafi, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya, na watan jiya daban na wannan watan daban.

Kafin ka kashe ko naira ɗaya

Ka tabbatar da aikin tukuna. Ka duba saƙon da kyau: akwai sunan kamfanin, akwai muƙamin da ka nema, akwai cikakken adireshi har da lambar gini da sunan titi? Kai da kanka ka tuna ka taɓa tura musu takardunka? In saƙon bai da sunan kamfani sai dai "an zaɓe ka ka zo da biro da fasfo biyu", ko aka ce ka turo kuɗin fom ko na rajista ko na gwajin lafiya kafin ka zo, ka zauna a gida abinka. Irin waɗannan yawanci in ka je za ka tarar da ɗaki cike da mutane ana musu laccar sayar da maganin ƙarin lafiya, a ƙarshe a ce kai ma ka sa kuɗi ka shiga. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne, alawus ɗin 'yan bautar ƙasa 77,000, kuma tafiyar da muke lissafawa za ta iya wuce kowannensu. Kuɗin da ya kai haka ba a kai shi wurin da ba a tabbatar ba.

In ka gamsu aikin na gaske ne, sai ka kira lambar ko ka mayar da imel ka yi tambaya uku cikin ladabi. Intabiyun a rana ɗaya zai ƙare ko akwai zagaye na biyu washegari? Akwai jarrabawar kwamfuta kafin a ga mutum? Suna mayar wa wanda ya zo daga wani gari kuɗin mota? Kar ka ji kunyar ta ukun, wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu suna mayarwa, amma sai ka kawo rasit, ka ga kenan dole ka hau motar tashar da take ba da tikiti. Kuma in ka ga intabiyu biyun naka akwai kwana huɗu ko biyar a tsakaninsu, ka roƙi ɗaya su matso maka da ranar kusa da ɗayar, ka faɗa musu gaskiya daga Jos za ka taso. Ba kowa zai yarda ba amma tambayar kati kawai za ta ci maka, in kuwa suka yarda ka tsira da kuɗin tafiya guda sukutum.

Kwanaki da mota

Intabiyun ƙarfe 9 na safe a Abuja ba a taso masa daga Jos a ranar. Na san akwai masu cewa za su fita da asuba su isa, kar ka biye musu. Hanyar awa huɗu zuwa biyar ce in komai ya tafi daidai, ka bi Mararabar Jama'a ka sauka Hawan Kibo ka wuce Akwanga da Keffi, kuma wannan lissafin bai haɗa da zaman jiran mota ta cika a tasha ba, bai haɗa da shingayen jami'an tsaro ba, sannan daga Masaka zuwa Mararaba zuwa Nyanya da safe cunkoso ne na ma'aikatan da suke kwana a jihar Nasarawa suna shiga Abuja aiki. Saboda haka a misalinmu Litinin da safe za ka tashi, ka kwana Litinin da Talata, ka juyo Laraba da rana. Kwana biyu kenan, wuni uku.

Kwana biyu kafin tafiyar ka leƙa tasha da ƙafarka ko ka kira wani da ka sani a can, ko Plateau Riders ko tashar NTA ko ta Bauchi Road, ka tambayi kuɗin ƙaramar mota da na bas, don ba ɗaya ba ne, ka tambayi ƙarfe nawa motar farko take tashi kuma ina take sauke mutane a Abuja. Mu ɗauka an ce maka 15,000. Ka rubuta 30,000 zuwa da dawowa, sai keken da zai kai ka tasha ya dawo da kai gida 1,000. Za ka samu mai ce maka ka tsaya bakin hanya wajen Bukuru ka tari mota ta fi araha, eh ta fi araha da dubu biyu ko uku, amma ba a rubuta sunanka a ko'ina ba, ba wanda ya san motar da ka shiga, ga takardun makarantarka na asali a jakarka. Ni dai ba zan ba ɗan'uwana wannan shawarar ba.

Kuɗin dawowa ka ɗan ba shi sarari, don farashin Abuja zuwa Jos ba lallai ya zo daidai da na zuwa ba, musamman ranar Juma'a ko gab da Sallah ko Kirsimeti.

Wurin kwana, nan ne kuɗin yake

Wannan matakin shi ne yake raba mai tafiya da dubu tamanin da wani abu da mai tafiya da dubu ɗari da ashirin da wani abu, shi ya sa zan daɗe a kansa.

In kana da ɗan'uwa ko abokin makaranta ko ɗan unguwarku a Abuja, shi za ka fara nema, kuma ka kira shi tun da sauran kwana huɗu ko biyar, ba sai kana Keffi ba. Ka faɗa masa ranar zuwa da ranar tafiya ƙarara: "Yaya, Litinin da la'asar zan iso in sha Allahu, Laraba zan juya, amma in sun riƙe mu zan iya kaiwa Alhamis." Mutanen Abuja da yawa ɗaki ɗaya suke haya, wasu ma su biyu ko uku ne a ciki, abin da yake sa su nauyin baki shi ne baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba. In ka yanke ranar da bakinka za ka ji muryarsa ta sake.

Sai dai ba kowane masauki na kyauta ne yake da araha ba, ka tambayi unguwar. Abuja a warwatse take. Motar Jos ta Mararaba da Nyanya take shigowa, to in mai masaukinka yana Mararaba ko Nyanya ko Karu sai kawai ka ce wa direba ya sauke ka a hanya, ba sai ka bi shi har tashar ƙarshe ka sake biyan kuɗin dawowa baya ba. In kuwa yana Kubwa ko Dei-Dei ko Zuba, wancan ɓangaren garin ne gaba ɗaya, Lugbe kuma hanyar filin jirgi, Gwagwalada ta fi su duka nisa. Idan kana da zaɓi tsakanin mutum biyu, ka zaɓi wanda daga gidansa zuwa ofishin hawa biyu ne ba uku ba. Ka tambaye shi kai tsaye, daga ƙofar gidanka zuwa Wuse 2 mota nawa zan hau, nawa-nawa ne, ƙarfe nawa kake fita in kana so ka isa kafin 8? Amsar da zai ba ka ita za ka rubuta a lissafinka, ta fi duk abin da taswirar waya za ta nuna maka.

A misalinmu mai masaukin yana Karu. Mu ce hawa biyu ne, 700 da 500, wato 1,200 zuwa, 2,400 zuwa da dawowa a wuni. Wuni uku za ka lissafa ba biyu ba, don ranar Litinin in ka iso da wuri ka ajiye jaka ka yi sallah, yana da kyau ka fita ka je ka ga ginin da idonka. Adireshin Abuja yana ruɗar baƙo, titunan Wuse 2 da Garki suna kama da juna, gini ɗaya zai iya ɗaukar ofisoshi da yawa ba allo a waje, kuma da safen Talata ba lokacin yawon tambayar masu gadi ba ne. Wuni uku 7,200, ka ƙara keken shiga unguwa ranar isowa da ranar fita 1,000, ya zama 8,200.

Ka sani fa a tsakiyar birnin ba achaɓa, an hana tun 2006, keke ma ba ko'ina yake shiga ba, yawanci a unguwannin gefe yake. Abin hawan talaka shi ne tasi na haɗaka da bas, daga mahaɗa zuwa mahaɗa, AYA, Berger, Area 1, kasuwar Wuse, Sakatariya, sauran kuma ka taka da ƙafa. Ka hau a inda ake lodi mutane suna gani. Motar da ta tsaya maka ita kaɗai a gefen titi da mutum biyu ko uku a ciki, gilas a rufe, tana kiran daidai inda za ka, ka bar ta ta wuce, 'yan wan cans da haka suke kwashe wa mutane waya su tilasta musu turo abin da ke asusu.

Sannan ka ware 6,000 na gaggawa wanda sunansa kuɗin shata. Ranar Talata ka fito bayan sallar asuba kamar yadda ya kamata, amma aka yi ruwa ko tirela ta faɗi a Kugbo, ƙarfe 8 ta yi kana AYA ba mota, wannan kuɗin ne zai sa ka ɗauki shatar tasi ko ka kira Bolt ya ajiye ka a ƙofar ofishin. In ba ka taɓa shi ba ya dawo gida tare da kai.

Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana, kuma mu 'yan Jos Allah ya sauƙaƙa mana wannan. Dankalin turawa da kabeji da karas na 5,000 daga Farin Gada ya ishe ka shiga gidan kowa da mutunci, don a Abuja sun fi haka tsada nesa ba kusa ba. Ka ɗaure a ƙaramin buhu yadda ba za a caje ka kuɗin kaya ba.

In ba ka da kowa sai masaukin kuɗi. Na cikin gari irin Wuse da Maitama ka manta da su, ka nemi ƙananan gidajen baƙi a Nyanya ko Karu ko Kubwa gwargwadon inda ofishin yake. Mu sa 15,000 a dare, biyu 30,000. Kafin ka biya ka ce a nuna maka ɗakin, ka murɗa famfo ka ga ruwa, ka gwada makullin ƙofa, ka tambaya ƙarfe nawa suke tada janareta kuma ƙarfe nawa suke kashewa, don wayarka da gugarka duk a kan wannan suke. Ka biya na dare ɗaya tukuna. Yawancinsu ƙarfe 12 na rana ake fita, to ranar Laraba ka tattara jakarka tun safe ka bar ta wajen mai karɓar baƙi, in ka bar ta a ɗaki ka dawo ƙarfe 2 za su ce kwana ya shiga. Ke kuma 'yar'uwa, in da hali ki fi ba gidan 'yan'uwa ƙarfi ko da ya fi nisa, in kuma dole sai masaukin kuɗi ki tura wa na gida sunan wurin da lambar ɗakin da zarar kin shiga, kuma ki isa da rana.

Abinci ka sa 4,000 a wuni, 12,000 kenan, ko da gidan ɗan'uwa ka sauka, don wuni za ka yi a waje kuma bai kamata ka ɗora masa cikinka ba. Shayi da burodi da safe, da rana ka tambayi masu gadi ko direbobin ofishin ina suke cin abinci, za su nuna maka mai abincin bayan gini inda farashin yake na mutane. Gidajen abinci masu gilas ɗin nan faranti ɗaya zai cinye maka kuɗin wuni.

Kaya

A Jos za ka gama maganar kaya, kar ka bar komai sai ka je Abuja. Kuma ba sai ka ɗinka sabo ba. Abin da ake so riga biyu wando ɗaya mai duhu, takalmi rufaffe, bel. Riga biyu saboda zafin Abuja, kai da ka saba da sanyin Jos kafin ka sauka daga hawa na biyu bayan rigarka ya jiƙe, ba za ka iya maimaita ta washegari ba. In babu a akwatinka ka shiga Katako ko Terminus wajen 'yan gwanjo, ka nemi fara ko mai ruwan sararin sama marar zane mai yawa, ka duba wuyan rigar da hammata da bakin hannu a cikin haske don nan tabo yake ɓuya, ka ƙirga maɓallai. Mu ce 4,000 kowace, 8,000. Wanki da guga 2,000, aski 1,000, mai gyaran takalmi ya ɗinke inda ya buɗe ya goge 1,000. Jimla 12,000.

Kot ba dole ba ne sai in banki ne ko ofishin lauyoyi ko sun rubuta a saƙon, in ma dole ne aro ake yi, ba a sayen kot saboda wuni ɗaya. Ma'aikatun gwamnati da wurare da yawa kaftani mai tsabta da hula ya wadatar, amma in ba ka tabbata ba ƙananan kaya sun fi zama lafiya. Mata kuma doguwar riga ko abaya marar ado da yawa da mayafi ko hijabi mai kala ɗaya, da takalmin da za ki iya tafiyar minti goma sha biyar da shi a kan kwalta.

Kar ka hau mota da kayan intabiyun a jikinka. Ka sa wasu na tafiya, waɗancan a ninke su da gugarsu a cikin leda a saman jaka, jakar kuma a cinyarka in ƙarama ce, don but ɗin motar Jos buhunan dankali da tumatir ake dannawa a ciki.

Takardu ma a nan gida za ka yi su. Kwafin CV guda huɗu, kwafin sakamakon makaranta, takardar bautar ƙasa, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma, katin NIN, saiti uku-uku, da fasfo takwas, duk a fayil na roba saboda ruwa. Ka sa 3,000. Shagon hoton takarda na kusa da manyan ofisoshi ya san kana sauri, farashinsa ma na mai sauri ne.

Kati da data

Wannan ƙaramin layi ne a lissafin amma in ya yanke komai ya tsaya, don ta waya za a ce maka an canja wuri ko an ɗaga lokaci. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, katin 500 ba ya zuwa ko'ina. Ka sa 4,000: datar sati ɗaya ta 2,500, katin kira 1,500, a cikin na kiran ka raba 500 ka sa a layinka na biyu in kana da shi, don akwai unguwar da wani layin ba ya kamawa sosai. Datar sati ta fi ta kwana-kwana a irin wannan tafiyar, ta kwana ɗaya tana iya ƙarewa daidai lokacin da kake tsakiyar neman hanya. Ranar Lahadi da dare za ka saya don satin ya rufe tafiyar har da 'yan kwanakin jiran sakamako.

Lambobin yanzu iri ɗaya ne a duk layuka: `*310#` ka ga kuɗin kira, `*323#` ka ga sauran data, `*312#` ka sayi data, `*303#` kuma na aro ne, ka bar shi sai ta ɓaci don suna cire ladansu. Kafin ka bar gida ka sauke taswirar Abuja a Google Maps yadda za ta yi aiki ko ba data, ka ɗauki hoton saƙon gayyatar, ka kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp, in ba haka ba guruf ɗin 'yan ajinku ne zai sha datar. Awa biyar a mota kana kallon bidiyo zai cinye data da caji gaba ɗaya, ka isa Nyanya da matacciyar waya ba ka da yadda za ka kira mai masaukinka. Ka ari fawa banki in ba ka da shi, sannan ka rubuta adireshin ofis biyun da lambar mai masauki da ta wani na gida a takarda ka sa a aljihun wando.

Layin da ka rubuta a CV shi za ka bari a kunne koyaushe, kuma ka riƙa ɗaga baƙuwar lamba a kwanakin nan.

Yanzu mu haɗa

Motar Jos da Abuja zuwa da dawowa 30,000
Keke a Jos 1,000
Zirga-zirga a Abuja 8,200
Abinci 12,000
Tsaraba 5,000
Kaya da aski 12,000
Kati da data 4,000
Takardu 3,000

Wannan ya ba da 75,200, kuma shi ne in komai ya tafi yadda aka tsara. Sai ka ɗora kuɗin shata 6,000, da kuɗin ƙarin kwana ɗaya, abinci 4,000 da mota 2,400. Ya zama 87,600 ga mai sauka gidan ɗan'uwa. Mai sauka a masaukin kuɗi zai cire tsaraba ya sa 30,000, ƙarin kwanan nasa kuma da 15,000 na ɗaki a kai, nasa ya tashi 127,600. Dubu arba'in cif tsakaninsu.

Ƙarin kwanan nan kar ka ce za ka cire shi don lissafin ya yi sauƙi, shi ne ya fi kowane yiwuwar faruwa. An ce ƙarfe 10 ranar Laraba, ka je ka tarar da mutum talatin a zaune, oga bai shigo ba sai 12, ba a kira sunanka ba sai bayan la'asar. Ko kuma na Talata su kira ka su ce ka yi kyau, ka dawo Alhamis ka ga manaja. Ka sa wa kanka doka: in ƙarfe 2 na rana ta wuce ba ka cikin motar Jos, kwana ya kama ka. Motar da ta tashi ƙarfe 4 ko 5 cikin duhu za ta hau Hawan Kibo, ga manyan motoci ga lanƙwasa, ga yanayin tsaro, ka iso Jos cikin dare kana neman keke. Wanda bai da kuɗin ƙarin kwana shi ne yake shiga irin wannan motar ba don yana so ba.

Yadda za ka riƙe kuɗin

Kashi uku za ka raba shi. Na farko wanda za a kashe a Jos kafin tashi, kaya, takardu, tsaraba, kati, tikitin zuwa, wannan ya ƙare tun Lahadi ko safiyar Litinin. Na biyu tsabar kuɗi a jikinka na mota da abinci, wajen 20,000, ka nemi canji 'yan 200 da 500 tun a gida wajen mai shago, don direban tasi da safe in ka miƙa masa dubu zai ce ba canji ya haɗa ka da wani fasinja ku je ku raba, kuma ba kowane direba yake karɓar tiransifa ba. Ka raba su aljihu biyu da cikin jaka. Na uku shi ne kuɗin dawowa da na ƙarin kwana, wannan a asusu zai zauna, in ma kana da asusu biyu ka sa shi a wanda ba ka cika taɓawa ba, ko ka bar shi hannun yayarka ko mahaifiya a kan sai ka kira za a turo. Na shata kaɗai za ka riƙe a tsaba a wani lungu na jaka tunda shi ba ya jiran netwok. Duk dare kafin ka kwanta ka ƙirga abin da ya rage a aljihu ka gwada da na gobe, in ka ga ka ci na gobe to gobe shayi da burodi ne da rana ma, ba za a taɓa kashi na uku ba. Ka tuna mai POS yana cire nasa a duk cira, gara ka cira sau ɗaya da ka riƙa cirar dubu bibbiyu.

In kuɗin hannunka bai kai ba, akwai inda ake ragewa akwai inda ba a taɓawa. Ka fara da kaya, ka ari riga wajen aboki ka yi gugarka da kanka, kusan 10,000 ta dawo. Ka soya dankali da ƙwai ko ka ɗauki ƙuli da garin kwaki da burodi daga gida, abincin wunin farko ya fita. Ka hau bas maimakon ƙaramar mota. Fitar Litinin ta ganin wuri za ka iya barinta in mai masaukinka ya san ginin sosai ya kwatanta maka, ka tsira da 2,400. Tsaraba ka rage ta amma kar ka soke. Kuɗin dawowa da na ƙarin kwana da kati kuwa, in sai an taɓa su tafiyar za ta yiwu, to ka kira ofishin ka tambaya ko za su yi maka zagayen farko ta waya ko ta bidiyo, wurare da yawa suna yi yanzu. Manhajojin bashin nan na waya ka nisance su, wa'adinsu gajere ne ruwansu mai yawa, albashin farko kuma ko an ɗauke ka sai ƙarshen watan da ka fara aiki, kafin nan sun fara kiran mutanen da ke cikin wayarka. In aro ya zama dole ka je wajen ɗan'uwa da takardar lissafin nan a hannunka, ka nuna masa layi-layi, ka faɗa masa wanda za ka dawo masa da shi in ba a taɓa ba, wato 12,400 na shata da ƙarin kwana, da kuma watan da kake sa ran biyan sauran.